Kafin ka karɓi aikin koyarwa a makarantar kuɗi

Malam, sun ce za su ba ni naira 60,000 a wata. In karɓa?

Wata nawa a shekara? Kullum sai na yi muku wannan tambayar, kullum kuma sai ku ce ba ku tambaya ba. Koma ka tambaya tukuna.

Mai makarantar aminin kawuna ne. Dole sai na nemi takarda?

Dole. Ranar da albashi ya maƙale, kawun naka haƙuri kawai zai ba ka. A rubuta kuɗin, ranar biya, darussan da za ka ɗauka, da tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Mai makarantar ya sa hannu da hatimi, ka riƙe kwafinka.

Takardar ta ce "za a biya albashi kowane wata", ba ta ambaci hutu ba. Za a biya ni a dogon hutu?

Nan ne ake cin mutane, don haka ka natsu. A zahirin lafazi, kowane wata yana nufin wata 12. Amma kada ka kwanta a kan wannan, domin abin ya danganta da inda makarantar take samun kuɗi. Yawancinsu ba su da wata hanya sai kuɗin makaranta, wanda ke shigowa sau 3 a shekara, a farkon kowane zango. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba babu yara, babu kuɗin shiga. Wata makarantar tana ware na Agusta tun farkon shekara ta biya cikakke. Wata rabi take bayarwa. Wata sai ka yi darasin hutu a ba ka kaso daga abin da yara suka biya. Wata kuwa har hutun Disamba da na Afrilu tana ƙirga kwanaki ta zaftare.

To yi lissafi. In wata 9 kawai ake biyan 60,000 ɗin nan, a shekara ka samu 540,000, wato 45,000 ke nan a wata. Makarantar da ta ce 50,000 amma tana biyan wata 12, ta ba ka 600,000. Ka ga wadda ka raina ta fi da 60,000.

Ni kaina na ɗanɗana. A makarantar da na fara aiki, ranar rabon sakamako mai makarantar ya tara mu a ofis, ya miƙa wa kowa ambulan. Sai da na hau Keke Napep na buɗe, na ga rabin albashin Yuli ne. Ban ƙara ganin sisi ba sai tsakiyar Oktoba, ga haya, ga mai ɗakina da tsohon ciki. Takardata ma "kowane wata" ta ce.

Saboda haka ka roƙi a ƙara layi ɗaya: wata 12, har da lokutan hutu. In ya ce rabi zai iya, ban ce ka gudu ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ke nan, kuma wanda ya faɗa maka rabi tun farko ya rubuta, ya fi wanda ya yi alkawarin cikakke da fatar baki. In kuwa ya ƙi rubuta komai, ya ce "ai mu nan 'yan'uwa ne", to ka riga ka samu amsarka. Kana iya kai ƙara kotun ma'aikata in an saɓa abin da aka rubuta, amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, wataƙila fiye da albashin da kake bi.

Ta yaya zan gane ko suna biya a kan lokaci?

Kada ka tambayi shugaban makaranta. Tsaya wajen mai gadi da mai shagon bakin ƙofa, wadda malamai ke cin bashi a wajenta. Ka tambayi malami guda: yaushe albashin watan ƙarshe na zangon da ya wuce ya shigo? Na watan farko kowa yana biya, lokacin kuɗi na hannu. Sannan ka duba malamai nawa suka yi shekara 3 a wurin. In kowa sabo ne, akwai dalili.

Ai gwamnati ta ce mafi ƙarancin albashi 70,000 ne?

Haka ne, tun 2024. Amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa nan suka faɗa.

Sun ce in bar musu ainihin takardar NCE ɗina su ajiye.

A'a. Kwafi za ka bayar. Su duba ta ainihin a gabanka, ka koma da abarka gida.

Suna cire min kuɗin fansho, yana da kyau?

Yana da kyau in yana isa. Dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 cikin 100 daga gare ka, kashi 10 daga mai aiki. Kana da lambar asusun fansho? Kana ganin saƙon shigar kuɗi daga kamfanin? In babu ko ɗaya, kada hankalinka ya tashi, amma gobe ka je ofis da ladabi ka nemi sunan kamfanin da lambarka.