Narkar Da Abinci Na Cin Ƙarfi, Amma Ba Kamar Yadda Ake Zuzutawa Ba

A watan nan kaɗai na rasa sau nawa aka zauna a gabana a ɗakin ba da shawarar abinci aka ce mini, "Malama, ai na ƙara cin kaza da nama ne don yana ƙona kitse." Wata citta ce da lemun tsami, wani farfesu mai yaji, wata kuma ta koma ci sau shida a rana wai don injin jikinta kada ya mutu. Sai mu hau sikeli, allura ta yi gaba. Jama'a, don Allah ku daina ƙara abinci da sunan ƙona abinci. Wannan ɗabi'ar ce ta sa na ɗauki biro.

Akwai gaskiya a gindin maganar, shi ya sa take da wuyar kashewa. Idan ka ci abinci, jiki yakan kashe ƙarfi wajen narkar da shi, tsotse shi daga hanji, da adana shi. Shi ne ɗan ɗumin nan da kake ji bayan ka tashi daga kan kwano, kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya lafa. To amma nawa ne? Ga mai cin abinci gauraye irin namu, kusan kashi 10 cikin 100 ne na abin da ya ci. Wanda ya ci kalori 2,000 a rana, kusan 200 ke tafiya a aikin narkarwa. Kamar kuɗin dako ne: ka sayi buhu, ka biya ɗan dako, amma buhun yana nan ya shigo gida. Ba a taɓa yin ɗan dakon da kuɗinsa ya cinye buhu ba.

Bari in ba ku misalin wata baiwar Allah da ta zo mini, shekararta 40, nauyinta kilo 85, tsayinta santimita 160. Ta miƙo mini wayarta da fara'a, ta nuna mini manhajar da ta lissafa mata abin da ake rubutawa TDEE, wato jimillar ƙarfin da jiki ke kashewa a yini. Muka sake lissafin tare a bayan katinta. Irin waɗannan manhajoji da yawa suna amfani da lissafin Mifflin-St Jeor na shekarar 1990, wanda ke kiyasta BMR, wato ƙarfin da jiki ke kashewa yana hutawa. Na mata yake haka:

BMR = (10 × kilo) + (6.25 × santimita) − (5 × shekaru) − 161

Nata ya zama 850 da 1,000, a cire 200, a cire 161, saura 1,489. Wannan shi ne abin da jikinta zai kashe ko da kwance ta wuni, na numfashi da bugun zuciya da sauransu, kuma shi ne kaso mafi girma, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ga yawancin mutane. Tunda tana ɗan zirga-zirgar gida da kasuwa, sai aka ninka da 1.375, ya ba da kusan 2,050.

A nan ta yi kuskuren. Ta ji an ce narkarwa na cin kashi 10, sai ta ɗora 200 a kan 2,050, ta ba kanta izinin cin 2,250. Na ce mata, "Hajiya, wannan 1.375 da aka ninka, kuɗin narkarwar yana cikinsa tun farko. Kin ƙirga shi sau biyu." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe ni na cuci kaina." Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba rashin wayo ba ne, manhajar ce ba ta faɗa mata ba. Amma kalori 200 kullum, a wata guda 6,000 ke nan da take zaton sun ƙone alhali suna nan.

Sai batun nama, inda maza suka fi faɗawa. Gaskiya ne abinci ba ɗaya ba ne wajen wahalar narkewa. Furotin, irin na nama, kifi, ƙwai da wake, yana cin kashi 20 zuwa 30 na ƙarfin da ke cikinsa. Sitaci, irin na tuwo, shinkafa da burodi, kashi 5 zuwa 10. Mai kuwa kusan kyauta yake shiga, daga sifili zuwa kashi 3. To ka ɗauka ka ƙara giram 40 na furotin a rana, kalori 160 ke nan. Jiki zai kashe wajen 40, saura 120 su zauna. Ka ƙara, ba ka rage ba. Kuma wannan idan zallar tsoka ce. Tsiren da kake saye da daddare an barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli, an yayyafa masa mai, ga kitse a jikin tsinke, alhali babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne. Alhaji, ina ƙonewar take?

Ko da musanya ka yi, ka cire kalori 160 na tuwo ka sa na kifi a gurbinsa, ribar narkarwar wajen kalori 30 ce kawai. Ina son musanyar, kada ku ji ni ba daidai ba, domin furotin yana riƙe ciki, mutum ba ya saurin jin yunwa. Amfaninsa ke nan na gaske, ba wata wuta da yake hurawa a ciki ba.

Masu ci sau shida, ku ma ku saurara. Kuɗin dakon yana bin yawan kayan ne, ba yawan sawu ba. Ki raba kalori 2,000 gida uku ko gida shida, abin da zai tafi wajen narkarwa yana nan kusa da 200. Abin da nake gani a zahiri shi ne kwanon bai ragu ba, an dai ƙara cincin, gyaɗa da shayi mai madara a tsakani. Shi kuma gumin da yaji ke sa ka, ruwa ne, ka sha kofi biyu ya dawo. Ɗan abin da barkono da citta ke ƙarawa bai kai cokalin man da aka soya su da shi ba. Ki sha cittarki don daɗi, ba na hanawa, amma idan kika zuba sukari cokali uku ko zuma a ciki, to an yi ba a yi ba.

Wallahi ba faɗa nake yi don jin daɗi ba. Ina ganin yadda kuke ƙoƙari, wata da ciwon gwiwa, wani da hawan jini, ga kuɗin nama a wannan tsadar. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙoƙarin yana tafiya a inda babu riba. Ga abin da nake so, a gurguje:

Kada ka ƙara komai a kan lambar da manhaja ta ba ka, lambar ma kanta kiyasi ce.
Idan za ka ƙara wake, kifi ko ƙwai, rage tuwo ko shinkafa a madadinsa.
A auna mai da cokali, a daina tsiyayawa daga galan.
Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karyawa. Idan mako uku ko huɗu sun wuce yana hawa, cin ya fi kashewar, ko me wayar ta ce.

Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara nama ko wake da kansa, mai ciwon sukari da ke kan magani ko allura kada ya sauya lokutan cin abincinsa, sai ya zo mun zauna tukuna. Idan za ku zo, ku taho da wayar da kuka yi lissafin a kai, da cokalin da kuke ɗiban mai da shi.