Waiwaye: daga tulin lemu zuwa n(n+1)(2n+1)/6

A bakin babbar kasuwar Tawa akwai wani dattijo mai sayar da lemu da yake jera kayansa kamar dala. Yakan shimfiɗa biyar-biyar a ƙasa, layi biyar, ya ɗora huɗu-huɗu a cikin ramukan da ke tsakaninsu, sai uku-uku, sai biyu-biyu, sannan ya kafa guda ɗaya a ƙoli. Na taɓa tambayarsa, "Baba, guda nawa ke cikin tulin nan?" Bai ko dubi tulin ba ya ce, "Hamsin da biyar, Malam. In na ƙara hawa ɗaya a ƙasa, casa'in da ɗaya." Ya yi daidai: 25 + 16 + 9 + 4 + 1 = 55, in ka ƙara 36 ka sami 91. Abin da ya haddace da hannu shi ne nake rubuta wa 'yan tarminal a tabulo duk shekara idan muka iso darasin rekirans, hanyar kafa hujja daga lamba zuwa ta gaba. Shi ne jimillar murabba'an lambobi, 1² + 2² + 3² har zuwa n². Sai dai yaran suna karɓar amsar a shirye, su tabbatar da ita cikin minti goma, ba wanda ya gaya musu daga ina ta fito.

Ta daɗe a duniya. Akwai wani allon yumɓu daga birnin Uruk, a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Louvre, an rubuta shi ƙarnuka kaɗan kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubucin ya tara murabba'ai daga 1 zuwa 10 ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya ɗauki sulusin ɗaya ya haɗa da sulusi biyu na goma, ya sami 7, ya ninka da 55, wato jimillar lambobi daga 1 zuwa 10, ya fito da 385. Gwada ka gani, haka ne. Bai faɗi dalili ba, umarni kawai ya bayar: yi kaza, yi kaza. Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin miladiyya, ya kawo hujja irin ta Girkawa, da tsawon layuka maimakon lambobi, saboda yana buƙatar jimillar wajen auna filin da ke cikin lanƙwasasshen layin nan mai kama da gammo. A Indiya kuma, a shekarar 499, Aryabhata ya dunƙule ƙa'idar cikin baitin waƙa: a ninka abubuwa uku, adadin, da adadin haɗe da ɗaya, da ninkin adadin haɗe da ɗaya, a ɗauki kashi ɗaya cikin shida. Ita ce dai wadda muke rubutawa yau, harafi kawai muka sa mata.

To, a ce ba ka taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba, ta yaya za ka gano ta da kanka? Hanyar da na fi so ita ce ta bambance-bambance, don ba ta buƙatar wata hikima ta musamman, haƙuri kawai take so. Mu kira jimillar S(n), mu jera ta tun daga tulin da babu komai a ciki:

0, 1, 5, 14, 30, 55, 91

Cire kowace lamba daga wadda ke gabanta, za ka sami 1, 4, 9, 16, 25, 36. Ba mamaki, hawa-hawan tulin ne suka dawo. Sake cirewa: 3, 5, 7, 9, 11. Sake cirewa karo na uku: 2, 2, 2, 2. A nan abin ya tsaya cak. Duk lokacin da ka yi irin wannan cirewar a kan jerin da ƙa'idarsa ke da n mai iko kaza, ikon yana sauka da mataki ɗaya; alal misali (n+1)³ − n³ = 3n² + 3n + 1, iko uku ya koma biyu. Tunda sai da muka sauka mataki uku kafin lambobin su daina canzawa, muna da dalilin zaton cewa ƙa'idar mai iko uku ce:

S(n) = an³ + bn² + cn + d

Baƙi huɗu ne ba mu sani ba, don haka sanannun amsoshi huɗu muke bukata. Ga amfanin farawa da sifiri: S(0) = 0 ya ba mu d = 0 kyauta. Saura uku, daga n = 1, 2, 3:

a + b + c = 1
8a + 4b + 2c = 5
27a + 9b + 3c = 14

Ninka layin farko sau biyu ka cire daga na biyu, c ta ɓace, saura 6a + 2b = 3. Sake ninka layin farkon sau uku ka cire daga na uku, saura 24a + 6b = 11. Yanzu ninka 6a + 2b = 3 sau uku, ya zama 18a + 6b = 9, ka cire daga 24a + 6b = 11. Abin da ya rage shi ne 6a = 2, ke nan a = 1/3. Mayar da ita baya: 2 + 2b = 3, b = 1/2. Sai c = 1 − 1/3 − 1/2 = 1/6. In ka ɗora duka a kan shida, ka sami (2n³ + 3n² + n)/6, in ka fitar da n ka rarraba sauran, sai ga ta Aryabhata:

S(n) = n(n+1)(2n+1)/6

Kafin komai, a jarraba ta da lambar da ba a yi amfani da ita wajen ginin ba. Ga n = 5: 5 × 6 × 11 = 330, raba shida, 55, tulin dattijon nan. Wannan jarrabawar ba ado ba ce. Wata shekara wani ɗalibina ya yi gaggawa, ya ɗauki 1, 5, 14 kaɗai, ya yi zaton iko biyu ya isa, ya fito da (5n² − 7n + 4)/2. Ya zo yana murna, "Mushe, ta ci duka ukun!" Ta ci kuwa, ai don su aka ɗinka ta. Na ce ya sa 4. Sai ga 28 maimakon 30. Kowace lambobi uku ka kawo, akwai ƙa'ida mai iko biyu da za ta bi ta kansu, ko da ba su da wata dangantaka.

Mu ma da muka samu daidai, har yanzu zato ne a hannunmu. Biyu-biyun nan da muka gani guda huɗu ne kawai, wa ya ce na ɗari ma biyu ne? Lissafi yana da tarkuna irin wannan. Euler ya lura cewa n² + n + 41 tana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, tun daga n = 0 har zuwa 39, sau arba'in a jere. A 40 sai ta ba da 1681, wato 41 × 41.

Tarihin hujjar da ke rufe wannan ƙofa ya fi na ƙa'idar jan ƙafa, kuma wani babban yanki nasa da Larabci aka rubuta. A Bagadaza, wajen shekara ta 1000, al-Karaji ya tabbatar da jimillar lambobi masu iko uku har zuwa 10 ta hanyar nuna cewa gaskiyar ta goma ta dogara ga ta tara, ta tara ga ta takwas, har ƙasa zuwa ɗaya. Goma ya yi aiki da ita, amma duk mai karatu zai ga cewa matakin bai damu da goma ba. As-Samaw'al, a ƙarni na 12, ya ci gaba da aikinsa a littafin al-Bahir, har da jimillar murabba'ai. Ibn al-Haisam kuwa ya kai ga iko huɗu saboda yana neman cikin wani siffa mai kama da ƙwarya mai zurfi. Abin da ya rage musu shi ne harafin da zai tsaya a madadin "kowace lamba". Pascal, a rubutunsa kan alwatikan lambobi da aka buga a 1665, ya fito da matakan biyu a fili: abin gaskiya ne a farko, kuma in gaskiya ne a wani layi to gaskiya ne a na gaba. Wannan hanyar ce muke kira rekirans. Sunan da Ingilishi ke kiran hanyar da shi sai a 1838 De Morgan ya raɗa shi, sannan Peano ya sa ta cikin tushen lambobi a 1889. Tsakanin allon Uruk da Pascal kusan shekara dubu biyu ne.

Ga yadda take a kan namu. Tushe: n = 1 ya ba da 1 × 2 × 3 / 6 = 1, kuma 1² = 1. Mataki: mu ɗauka ƙa'idar ta yi daidai ga wata lamba k, mu ƙara hawa ɗaya a ƙasan tulin, mai lemu (k+1)²:

S(k+1) = k(k+1)(2k+1)/6 + (k+1)²

Nan ne rabin aji ke ɓata, don sai su fara warware baka-baka su cika takarda. Kada ka warware. Dubi (k+1), tana ɓangarorin biyu, fitar da ita tare da shidan:

S(k+1) = (k+1)[k(2k+1) + 6(k+1)]/6 = (k+1)(2k² + 7k + 6)/6

Tun kafin ka fara ya kamata ka rubuta inda za ka a gefen takarda: in ka sa k+1 a gurbin n, ƙa'idar ta zama (k+1)(k+2)(2k+3)/6. Saura ka duba ko (k+2)(2k+3) ita ce 2k² + 7k + 6. Ninka: 2k² + 3k + 4k + 6. Ita ce. Tunda ta tsaya a 1, ta wuce zuwa 2, daga 2 zuwa 3, babu lambar da za ta tsare ta.

Yara sukan raina tushen, su ga kamar gaisuwa ce kafin magana. Nakan ba su n(n+1)(2n+1)/6 + 7 in ce su gwada matakin. Yana tafiya sumul, domin bakwan nan tana bin ɓangarorin biyu ba ta hana komai. Amma a n = 1 tana ba da 8. Ƙarya ce tun daga hawan farko, matakin kuma yana ta miƙa ƙaryar gaba da aminci. Kuskure na biyu, wanda na fi gani a takardun shirin bak, shi ne ɗalibi ya rubuta abin da ake nema ga k+1 a layin farko kamar an riga an ba shi, ya yi ta juya shi har ya kai 0 = 0. Abin da aka ba ka aro na k ne kaɗai.

Ni dai ina ganin manhajar tana gajarta wa yara a wuri guda: rekirans ba ta gano komai, sai an kawo mata amsa take dubawa. Shi ya sa bayan Pascal aikin nemowa bai tsaya ba. Tun kafin rubutun Pascal, Faulhaber ya buga ƙa'idoji har zuwa iko 17 a 1631, sannan Jakob Bernoulli, a littafinsa da ya fito a 1713 bayan rasuwarsa, ya nuna tsari ɗaya da ke haifar da su duka. A kowane iko p, jimillar tana fitowa da iko p+1, ta fara da 1/(p+1), sai rabi ya biyo. Sulusi da rabin da muka samu ɗazu ke nan.

Tulin kansa ya bar wata tambaya da Édouard Lucas ya yi a 1875: yaushe ne za a rushe dala irin wannan a shimfiɗa ta murabba'i cif, ba saura ba giɓi? Ban da tuli mai lemu ɗaya, amsa guda ce, kuma sai a 1918 Watson ya tabbatar babu wata: hawa 24, domin 24 × 25 × 49 / 6 = 4900, wato 70 × 70. Da na gaya wa dattijon, sai ya dubi teburinsa ya ce, "Malam, dubu huɗu da ɗari tara ai sai dai a sauke mota guda, kuma na ƙasan duk sun matse kafin la'asar."