Da wa take magana? Tambayoyi kan abokan da yara ke ƙirƙira wa kansu

'Yata shekararta 4. Wata uku ke nan tana da wata ƙawa da ba wanda ke ganinta, har wuri take bar mata a gefen gado, sai su fi minti 20 suna hira. Lafiya kuwa?

Lafiya lau, kuma 'yarki tana da 'yan'uwa da yawa a wannan harka. Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon a Amurka ta bi wasu yara tun suna shekara 3 zuwa 4 har suka kai 6 zuwa 7. A sakamakon da ita da abokan aikinta suka fitar a 2004, kashi 65 cikin ɗari na yaran sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara 7. Lissafin ya haɗa iri biyu: abokin da ba a gani sam, da kuma 'yar tsana ko wani abin wasa da yaro ya ba suna da hali, yana mu'amala da shi wata da watanni. Wani tsohon bincike da Margaret Svendsen ta yi a yankin Chicago a 1934 ya samu kusan kashi 13 ne kacal, amma ita waɗanda ba a gani kawai ta ƙirga. Galibi abin yakan fara ne tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 4, daidai lokacin da bakin yaro ya buɗe sosai, ya kuma iya wasan mai da sanda ta zama doki.

Wasan na gane. Hirar ce ta ɗaure min kai. Me za ta yi ta faɗa wa wadda ba ta nan?

Ke da kanki kina irin wannan hirar kullum, bambancin dai taki ba a jin ta. Kina cikin aiki sai ki ce a ranki, "Ina na ajiye makullin nan? A'a, ba can ba, jiya na canza jaka." Wa ya yi tambayar, wa ya amsa? Ke ce duka. Wannan zancen zuci ba da shi aka haife mu ba, koyon sa muka yi, kuma a fili muka fara koyon sa.

Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, shi ya shimfiɗa bayanin da har yau ake dogara da shi. Kafinsa wani masanin tunanin yara ɗan ƙasar Switzerland, Jean Piaget, ya lura cewa ƙananan yara na yawan magana ba tare da sun damu ko ana sauraronsu ba, ya ɗauki hakan alamar cewa ba su kai ga la'akari da wani ba tukuna. Vygotsky ya ce ba haka ba ne. A ganinsa magana takan fara ne tsakanin yaro da babba: uwa ta ce "a hankali, riƙe da hannu biyu". Daga nan yaron ya ari kalmomin, yana faɗa wa kansa da ƙarfi sa'ad da yake ɗauke da kofi. Sannu a hankali muryar ta koma raɗa, raɗar ta koma motsin leɓe, zuwa wajen shekara 7 ta shige ciki ta zama tunani. Tun da asalinta hira ce tsakanin mutum biyu, ko da ta shige ciki ba ta rabuwa da siffar tambaya da amsa. Ƙawar 'yarki ita ce ke riƙe da ɗaya gefen hirar kafin yarinyar ta iya riƙe duka biyun a ranta ba tare da ta buɗe baki ba.

Bari in kawo misali, ki gwada shi da abin da kike ji a ɗakinki. A ce yarinya ce 'yar shekara 4, ta sa wa ƙawarta suna Lulu, an kuma gaya mata gobe za a yi mata allura. Da daddare sai a jiyo ta:

"Lulu, gobe za a yi miki allura." Ta yi shiru kamar mai sauraro. "A'a, ba za ki ɓuya ƙarƙashin gado ba, za a gan ki." Shiru. "E, da zafi. Amma kaɗan ne, kamar cizon sauro." Shiru. "To ki rufe ido ki ƙirga har biyar. Ni zan riƙe miki hannu."

Abubuwa uku suka faru a nan. Ta sauke tsoron daga kanta ta ɗora wa Lulu, don tsoron da ke jikin wani ya fi sauƙin kallo. Ta ɗauki matsayin babba, da ainihin kalmomin da ta taɓa ji daga bakin uwarta, har da cizon sauron. Sannan ta kawo shawarar ɓuya, ta auna ta, ta yi watsi da ita, ta kawo wata da ta fi. Wannan shi ne shawara da zuci, ana yin ta a bainar jama'a. Waɗancan 'yan shirun da take yi kuwa su ne suka fi burge ni, domin a cikinsu take ƙaga amsar Lulu, wato tana hasashen abin da wani mai tsoro zai ce. Washegari in kika ga ta runtse ido tana ƙirge a gaban mai allura, kin san inda aka yi atisayen.

Akwai binciken da ya dafa wa wannan bayani. A 2013 Paige Davis da Elizabeth Meins da Charles Fernyhough a Birtaniya sun saurari 'yan shekara 5 suna wasa, suka ga masu abokin ƙirƙira sun fi sauran yin magana ƙasa-ƙasa, raɗa da gunaguni, wato maganarsu ta fi kusa da shigewa ciki. Sai dai a lura, wannan ya nuna abubuwan biyu na tafiya tare ne, bai nuna abokin ne ya jawo ba. Yaron da bai taɓa yin irin wannan aboki ba shi ma zai isa inda ake zuwa, ta wata hanyar.

Tana ganin ta da gaske ne?

A'a, a mafi yawan lokaci ta fi ki sanin cewa wasa ne. Taylor ta ba da labarin cewa in suna yi wa yara tambayoyi da gaske-gaske kan abokan nasu, suna rubuta amsoshin, yara da dama sukan tsaya su tunatar da mai tambayar cewa ai na wasa ne, kamar suna tsoron babban ne ya ruɗe. Abin da ke rikita iyaye shi ne kukan gaske da yarinya za ta yi in aka zauna a kan kujerar ƙawarta. Amma babba ma yakan zubar da hawaye kan labarin da ya san ƙage ne. Abin da ake ji a rai gaskiya ne ko da wanda ya jawo shi babu shi.

In ita ta ƙirƙiro ta, me ya sa take zuwa ƙara wai ƙawar ta ƙi yin wasa da ita, ko ta yi mata gardama?

Domin ƙawar da ke cewa "to" a komai ba ta da amfani a hira. In yaro ya daɗe yana ƙaga muryar wani, sai amsoshin su riƙa zuwa masa da sauri, ba tare da ya ji shi ne ya tsara su ba. Manya ma na gamuwa da haka: a wani bincike na 2003 Taylor ta tattauna da marubutan ƙagaggun labarai 50, kusan dukkansu suka ce akwai lokacin da mutanen cikin labarinsu suka yi kamar suna da ra'ayin kansu.

Gardamar tana da alaƙa da wani abu da ke tsirowa a daidai wannan shekarun. Akwai gwajin da Heinz Wimmer da Josef Perner suka fito da shi a 1983. Ana nuna wa yaro wani ya ajiye abu a wuri ya fita, sai a canza wa abin wuri a bayan idonsa, a tambayi yaron ina mai abin zai duba in ya dawo. Yawancin 'yan shekara 3 sukan nuna sabon wurin, don ba su raba abin da suka sani da abin da wani ya sani ba. Daga wajen shekara 4 sai su fara nuna tsohon wurin. Yarinyar da ke yi wa ƙawarta bayanin abin da ya faru a makaranta saboda "ita ba ta je ba" tana aiki ne da wannan sabuwar fahimta, kuma rigimarsu ta ba ta filin gwada rarrashi da yin fushi da shiryawa ba tare da ta rasa kowa ba.

Ko kaɗaici ne ya dame ta?

'Ya'yan fari da waɗanda su kaɗai ne a gida sun fi yin irin wannan aboki, wannan gaskiya ne. Amma abin da suke da shi lokaci ne na kansu, ba ƙarancin iya hulɗa ba. Bincike bai nuna sun fi sauran yara jin kunya ko rasa abokai ba.

Jiya ta zubar da ruwa ta ce ƙawar ce. In biye mata?

Kada ki tsaya musun ko ƙawar na nan ko babu, ba za ki ci wannan muhawarar ba. Ki ce mata, "To, ke da ita ku ɗauko tsumma ku goge." An goge ruwan, dokar gida ta tsaya, wasan ma bai mutu ba. Haka in ta ce a ajiye wa ƙawar kujera, ajiye mata, amma ba za a makara don ana jiran ta sa takalmi ba. Abu guda da zan hana ki shi ne karɓe ƙawar daga hannunta, kamar ki ce "ƙawarki ta ce ki yi barci". Yara da yawa ba sa son haka, domin daɗin abin shi ne su ke da iko da shi. Tambaya ta fi: me ta ce yau, me take tsoro? Sau da yawa amsar labarin 'yarki ne.

Yaushe ya kamata in kai ta wurin likita?

Ma'aunin shi ne a hannun wa linzami yake. A wasa na lafiya yarinya ce ke kiran ƙawar, in aka kira ta cin abinci ko wata yarinya ta shigo sai ta ajiye ta. Ki nemi likitan yara in ta zama tana tsoron ƙawar sosai, tana son ta tafi amma ta kasa korar ta, ko tana cewa an umarce ta ta cutar da kanta ko wani. Haka nan in ta daina wasa da yara na zahiri, ko barcinta da cin abincinta sun lalace, ko maganarta ta koma baya, ko tana yin abu daga baya ta kasa tuna ta yi shi. In hirar ta ƙunshi duka ko taɓa jiki irin wanda 'yar shekarunta ba ta da dalilin saninsa, kada ki yi mata tambayoyin titsiye, ki rubuta kalmominta yadda ta faɗe su ki kai wa likitan. In kuwa abin ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi ko bayan shan wani magani, tana ganin abubuwa tana firgita, wannan ruɗewa ce ta ciwo, a ranar za a kai ta asibiti.