Mene ne akwatin amsa, kuma ta yaya amsarka za ta shiga ciki?

Idan ka rubuta tambaya a Google, wani lokaci kafin jerin shafuka sai ka ga 'yar amsa a can sama, layi uku ko huɗu, da sunan shafin da aka ɗauko ta a ƙasanta. Wannan shi ne akwatin amsa. A takardun Google sunansa `featured snippet`, kuma tun shekarar 2014 yake fitowa. Ba Google ne ke rubuta abin da ke ciki ba. Yanko shi yake yi daga shafin wani, ya ɗora a sama, wani lokaci sakin layi, wani lokaci jerin matakai ko tebur.

Kalmar "yanko" ɗin nan ita ce sirrin abin gaba ɗaya. Ba a sayen gurbin da kuɗi, kuma babu wata alama da za ka saka a shafi ka ce a ɗauke ka. Injin Google ne ke duba shafukan da suka riga suka taso, galibi waɗanda ke shafin farko na sakamako, ya nemi guntun da zai iya tsayuwa da ƙafarsa idan an raba shi da sauran rubutun. Aikin marubuci shi ne ya ajiye irin wannan guntun a inda za a gan shi: kanu mai siffar tambaya, amsa kuma a ƙarƙashinsa nan take.

A nan ne al'adarmu ta rubutu ke ba mu matsala. Bahaushe ba ya faɗa wa magana kai tsaye, sai ya yi sallama, ya yi shimfiɗa. A zaure wannan ladabi ne, amma a ƙarƙashin kanu asara ce. Mu ɗauki mai sayar da 'yan tsaki da injin ƙyanƙyasa, wanda ya buɗe shafi don masu kiwo. Ya sa kanu "Bayani game da ƙyanƙyasa", sai ya fara: "Jama'a barkanmu da warhaka. Kamar yadda muka sani kiwon kaji sana'a ce mai albarka, kuma mutane da yawa suna tambayata..." Adadin kwanakin da mai karatu ya zo nema yana can a sakin layi na huɗu, cikin jimlar da ke cewa "yakan kai 21 kafin su fito". Yanko wannan jimlar ka karanta ita kaɗai. Me ke kai 21? Su wa za su fito? Guntun bai da kai, don haka ba zai ɗauku ba.

Ga yadda gyaran zai kasance:

```html
<h2>Kwana nawa ƙwan kaza ke yi kafin ya ƙyanƙyashe?</h2>
<p>Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, ko kaza ce
ta kwanta a kai ko a inji aka sa. A inji ana riƙe zafi
wajen digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, ana juya ƙwan
kullum har kwana na 18, sannan a daina juyawa.</p>
```

Duba abin da ya canza. Kanun ya zama tambayar da mutum zai buga da yatsansa, kuma an sa shi cikin `<h2>` na gaske, wato alamar kanu a HTML. Wasu kan ƙara wa layi kauri da girma su ɗauka sun yi kanu, alhali a wajen Google, rubutu ne kamar sauran. Jimlar farko ta maimaita abin da ake magana a kai da sunansa, "ƙwan kaza", ba "shi" ko "wannan" ba, kuma adadin ya fito kafin mai karatu ya ja numfashi. Sauran jimlar ta kawo sharuɗɗan da ke sa amsar ta zama gaskiya. Masu sana'ar ɗaga shafuka a Google sukan ce amsar ta tsaya tsakanin kalma 40 zuwa 60. Wannan ba dokar Google ba ce, lura ce da girman abin da akwatin ya saba ɗauka, kuma ni na fi ganin amfanin gwajin almakashi: kwafe sakin layin, tura wa wanda bai ga shafin ba, in ya fahimta ba tare da ya tambaye ka komai ba, to ya tsayu.

Shimfiɗar da labarin kwarewarka ba zubar da su za ka yi ba. Ƙasa za su koma, bayan amsar, inda za ka yi bayanin abin da ke sa ƙyanƙyasa ta makara idan zafi ya yi ƙasa, da yadda ake haska ƙwai da tocila wajen kwana na 7 a ga mai ɗa da maras ɗa.

Siffar amsa kuma tana bin siffar tambaya. Tambayar "yadda ake" matakai take so, don haka jeri mai lamba, `<ol>`, ya fi dacewa da ita. In kwatanci ne, misali kaza kwana 21, talo-talo 28, zabo 26 zuwa 28, tebur ya fi. Kada dai a cusa zabo da talo-talo cikin amsar kaza, kowanne a ba shi nasa kanun.

Daga ina za a samo tambayoyin? Kada ka ƙirƙiro su daga kanka. Fara buga "kwana nawa" ko "yadda ake" ka ga abin da Google ke cika maka, ka duba sashen `People also ask`, na tambayoyin da wasu ke yi, idan ya fito, sannan ka buɗe rahoton `Performance` a Search Console, manhajar Google ta masu shafuka, ka ga ainihin kalmomin da suka kawo mutane gare ka. A nan za ka lura da wani abu namu: da yawa ba sa buga ƙ da ɗ da ɓ a waya, "kwai" za su rubuta, wasu ma "qwai". Shawarata ita ce ka rubuta daidai da ƙa'ida, amma ka ɗauki tsarin tambayar daga bakinsu. In "kwana nawa" suke cewa, kada kanunka ya zama "tsawon wa'adin".

Yanzu sai iyakar abin, wadda masu tallar dabarar ba su cika faɗa ba. Tun Janairun 2020, shafin da ya hau akwati ba a sake jera shi a ƙasa cikin shafin farko, wato gurbi ɗaya kake da shi, ba biyu ba. Kuma wanda ya ga "kwana 21" ya samu abin da ya zo nema, yana iya rufe wayarsa bai taɓa shafinka ba. Za ka gane hakan a Search Console idan `Impressions`, wato yawan fitowar shafinka a sakamako, na hawa amma `Clicks`, yawan shigarsa, na nan inda yake. Tun da Google ya fara fitar da AI Overviews, wato taƙaitacciyar amsar da AI ke rubutawa, a Mayun 2024, saman shafin ma ya ƙara cunkushewa. Shi ya sa mai 'yan tsakin nan zai fi cin riba da tambaya irin "me ke sa 'yan tsaki mutuwa a cikin ƙwai?", domin gajeriyar amsa za ta ambaci zafi da danshi da rashin juyawa, amma wanda ya yi asarar kiret biyu sai ya shiga ya ga wanne ne ya same shi.

Idan kuwa akwai sakin layin da ba ka son a yanka, kamar farashin da ke sauyawa duk mako, kewaye shi da `<div data-nosnippet>`, Google zai bar shi a cikin shafin, ba zai ɗauke shi zuwa akwatin ba.