Giya da Ciwon Gawut: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

“Likita, wai da gaske giya ce ke kumbura mini babban ɗan yatsan ƙafa?”

Da gaske ne. Kusan kowane mako sai na amsa wannan, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan ciwon gawut. Wani sinadari ne da ake kira yurik asid yake yin yawa a jini. Idan ya wuce miligiram 6.8 a kowace desilita, jini ba ya iya riƙe shi a narke, sai ya fara daskarewa a gaɓɓai kamar ƙananan allurai. Ranar da garkuwar jiki ta far wa waɗannan alluran, ranar ce za ka farka da tsakar dare ka ji yatsa ya kumbura ya ɗau zafi, ko zanen rufa ba ka so ya taɓa shi.

“To ta yaya abin da na sha a ciki zai sauka ƙafa?”

Ta hanya uku, kuma a tare suke aiki.

Hanta ce ke sarrafa barasa, kuma a wannan aikin tana cinye makamashin da ke cikin ƙwayoyinta da sauri. Abin da ya ragu daga makamashin nan shi ake mayarwa yurik asid. Wato jikinka da kansa ya ƙara yawan wanda yake haɗawa, ko da abin da ka sha fari ne tas kamar ruwa.

Ta biyun ta fi muni. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na yurik asid ta fitsari. Sarrafa barasa yana tara wani sinadari, laktet, a jini, shi kuma yana sa ƙoda ta riƙa mayar da yurik asid cikin jini maimakon ta zubar. An ƙara wa kwata ruwa, an kuma toshe mata baki. Ga yawan fitsarin da barasa ke sawa, wanda ke barin mutum da ƙarancin ruwa a jiki kafin asuba.

Ta ukun ta giyar hatsi ce. Tana ɗauke da fiyurin, daga tsiron hatsin da yis ɗin da aka haɗa ta da su, kuma fiyurin shi ne ainihin abin da jiki ke narkarwa ya zama yurik asid.

“Ni ba na shan ta kwalba, ogogoro kawai nake sha. Na tsira?”

Ba ka tsira ba. Hanya biyu cikin ukun da na faɗa suna nan a kanka.

“Wacce ta fi illa?”

Giyar hatsi. Akwai binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2004, inda aka bi maza ma'aikatan lafiya fiye da 47,000 a Amurka tsawon shekara 12, aka samu 730 sun kamu da gawut. Kowane gwangwani ɗaya na giya a rana, mai mililita 355, ya ƙara haɗarin da kusan rabi. Kowane ɗan kofi na barasa mai ƙarfi a rana ya ƙara kusan kashi 15 cikin ɗari. Mai shan gwangwani biyu ko fiye kullum, haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha sau biyu da rabi.

Sai dai ka lura da ma'auni. Babbar kwalbar da ake sayarwa a nan mililita 600 ce. Mai ce mini “ai biyu kawai nake sha”, a lissafin wancan binciken ya wuce gwangwani uku. Burukutu da fito kuma daga dawa ake yinsu, ana shansu da yis ɗinsu a ciki, don haka kada wani ya ce mini na gargajiya ne ba su da komai.

“An ce ruwan inabi ba ya yi.”

Ga wanda bai taɓa kamuwa ba, wancan binciken bai ga ƙarin haɗari ba in an sha kaɗan. Kai da ciwon ya riga ya kama, maganarka daban ce. Wani bincike na 2014 kan masu gawut 724 ya nuna kowace irin barasa, har da inabin, tana iya tayar da ciwon cikin awa 24.

“Mijina bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma an ce gawut ne. Ko yana ɓoye mini ne?”

Hajiya, don Allah ki cire wannan zargin daga ranki. Na ga masu gawut da yawa da ba su san ko warin barasa ba. Babban tushen ciwon gado ne, ƙodar wasu ba ta iya fitar da sinadarin sosai tun asali. Sai ƙiba, ciwon ƙoda, yawan jan nama da kayan ciki, lemon kwalba mai zaƙi, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Barasa tana ƙara wa wutar itace ne, ba ita kaɗai ke kunna ta ba.

Ku kuma masu sha kuna ɓoye mini, kanku kuke cuta. Ba wa'azi nake tambaya don in yi muku ba, wannan aikin malamai ne. Irin maganin da zan rubuta ya dogara da gaskiyar da kuka faɗa mini.

“Na daina sha wata uku ke nan, amma jiya ciwon ya dawo. Dainawar ba ta da amfani ke nan? Ko dole sai na hau maganin da ake sha kullum?”

Wannan ita ce tambayar da ke buƙatar zama, kuma amsarta ba iri ɗaya ba ce ga kowa.

Da farko, kada ka koma. Dainawar tana aiki, amma ba ta share abin da ya riga ya taru. Alluran nan shekaru suka ɗauka suna taruwa a gaɓa tun kafin ciwon farko, kuma ba sa narkewa sai yurik asid na jini ya sauka ƙasa da 6 ya zauna a nan wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Ɗauki misalin mutum ɗan shekara 46, mai ɗan teɓa, yana shan babbar kwalba biyu kowane dare da farfesun kayan ciki, yana kuma shan maganin hawan jini mai sa fitsari. An auna shi an samu 9.2. Ya daina giya, ya rage cin hanta da ƙoda. Bayan wata uku aka sake aunawa, 8.1. Ya yi ƙoƙari, kuma an ga sakamako. Amma 8.1 har yanzu ya fi 6.8, wato alluran ba su fara narkewa ba ma, sabbi na iya ci gaba da taruwa. Gyaran ci da sha shi kaɗai yawanci abin da yake saukarwa bai wuce ɗaya ko ɗaya da ɗan wani abu ba. Ga wannan mutumin, abu na gaba shi ne likitansa ya duba ko za a canja masa maganin hawan jinin, a auna ƙodarsa, sannan a yi maganar alofurinol, maganin da ake sha kullum don saukar da yurik asid.

Amma da a ce 7.2 ya fara da shi, sau ɗaya ciwon ya taɓa kama shi, ƙodarsa lafiya lau, kuma kowa ya ga bayan daren shaye-shaye abin ya tashi, to wataƙila barin barasa da rage nauyi su wadatar, a ci gaba da aunawa. Wanda ciwon ke kamawa sau biyu ko fiye a shekara, ko ƙulluttai masu tauri suka fito masa a gwiwar hannu, yatsu ko gefen kunne, ko hoto ya nuna gaɓar ta fara lalacewa, wannan ba na yi masa kwana-kwana: yana buƙatar maganin. Mai tsakuwar ƙoda ko ƙoda mai rauni shi ma ana saurin fara masa.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Idan aka fara alofurinol, ciwon na iya tashi a watannin farko, domin tsofaffin alluran suna motsawa yayin da suke narkewa. Sai mutum ya ce maganin ne ya ƙara masa ciwo, ya jefar. Ba haka ba ne. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, miligiram 100 ko ƙasa da haka, ana ƙarawa a hankali bayan kowane awo, ana kuma haɗa shi da ƙaramin kolcisin, maganin da ke hana ciwon tashi, na wata uku zuwa shida don kariya. In ciwon ya tashi kana kan maganin, ba a dainawa. Abu ɗaya ne zai sa ka tsaya nan take ka garzaya asibiti: ƙuraje a fata, musamman da zazzaɓi ko gyambo a baki.

Wani tarkon kuma lokacin awo ne. A tsakiyar ciwon, yurik asid na jini kan iya saukowa ya nuna kamar lafiya lau. Na sha ganin wanda ya zo da takarda yana murna wai ba gawut ba ne. A sake aunawa bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawar ciwon.

Sannan wanda ya shekara da shekaru yana sha sosai kullum, har hannunsa na rawa da safe in bai sha ba, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a gida. Hakan na iya kawo jijjiga da ruɗewa. A yi shi a hannun likita.

“Giya marar barasa fa?”

Fiyurin ɗinta yana nan. Ta fi sauƙi, amma tana ɗaga sinadarin. Ruwa ya fi.

“Idan ya tashi da dare, diklofenak nake haɗiya biyu-biyu. Akwai matsala?”

Akwai, babba ma. Diklofenak ko ibufurofen a kan cikin da ya sha barasa hanyar gyambon ciki da aman jini ce, kuma suna wahalar da ƙodar da dama ita ce ke fama. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a ninka adadi. Mai olsa, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya ya bar su sai da izinin likita. Asfirin kuma ba maganin wannan ciwon ba ne, ƙaraminsa ma yana riƙe yurik asid a jini. Amma in likita ne ya ɗora ka a kai don zuciya, kada ka daina da kanka.

Ɗaga ƙafar, sa ƙanƙara a cikin tawul ka ɗora minti ashirin, sha ruwa, ka je a duba ka da safe, domin maganin ya fi kama jiki idan aka fara a ranar farko. Kada a ja yatsan, kada a yi masa tsaga ko ƙaho. Ba targaɗe ba ne.

“Ai sanyin ƙashi ne kawai, zai wuce da kansa.”

Wannan karon zai wuce, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na gaba zai zo da wuri, ya daɗe, ya hau idon sawu da gwiwa. Kuma in gaɓa ta kumbura da zazzaɓi da rawar sanyi, kada ka zauna kana cewa gawut ɗinka ne da ka saba. Ƙwayar cuta a cikin gaɓa haka take kama, tana iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki, kuma sai an zuƙi ruwan gaɓar an duba ake bambance su. A ranar za ka je asibiti, ba gobe ba.