Ƙirga Taku da Waya: Wa Ke Ganin Inda Kake Bi?

Ba ni da agogon nan na zamani. Waya kaɗai za ta iya ƙirga min taku?

Za ta iya. A cikin wayarka akwai 'yar na'urar da ke jin motsi, ita ce ke juya maka hoto idan ka kwantar da wayar. Duk takun da ka yi tana jin girgizarsa, manhaja kuma ta ƙirga. Ka bar kuɗin agogo a aljihunka.

Wace manhaja zan sauke?

Duba wayarka tukuna, Malam. Mai iPhone yana da Health tun daga kwali, kuma galibi tana ta ƙirge bai ma sani ba. Mai Samsung ya nemi Samsung Health. Mai Tecno, Infinix ko itel ya shiga Play Store ya ɗauki manhaja mai ƙirga taku kawai, wadda ba ta tilasta buɗe asusu. Guda ɗaya ta isa. Na ga wayar da aka jibga wa huɗu, mai ita yana kukan caji.

Sai da data take aiki?

A'a. Sa wayar a Airplane mode, ka yi taku 100 kana ƙirgawa da baki, ka ɗan jira, sannan ka duba. Idan ta ba ka 95 ko 104, lafiya lau take. Idan ta ƙi motsi sai ka kunna data, goge ta.

Na hau Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci, na sauka na tarar an ƙara min taku.

Gargadar hanya ce. Wayar ba ta san ƙafa ba, girgiza ta sani. Ka bar damuwa da lissafin yini guda, ka riƙa kwatanta mako da mako.

Tawa kuma tsayawa take yi da zarar na kulle waya.

Wannan na amsa shi har na gaji. Wayoyinmu suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Shiga Settings, sannan Apps, ka zaɓi manhajar, ka cire mata takunkumin batir. Ka kuma tabbatar ka ba ta izinin Physical activity, wanda aka shigo da shi tun Android 10. Kuma Hajiya, wayar da ke kan firji kina ta zirga-zirga a tsakar gida ba za ta ƙirga komai ba.

Dole ne sai na cika taku 10,000?

Ba wahayi ba ne. Adadin ya samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Yi mako guda ba ka canza komai ba, ka ga matsakaicinka, sai ka ƙara 1,000 a kai. Kilomita ɗaya ba ta wuce taku 1,300 zuwa 1,500 ga yawancin mutane.

Ina fita tattaki bayan sallar asuba daga Unguwar Rimi zuwa Murtala Square. Ina son ganin taswirar hanyar da na bi, amma ba na so wani ya san gidanmu. Akwai dabara?

To, 'yar'uwa, ke ce kika yi tambayar da ta kamata, sai dai amsar ba a miƙe take ba.

Ƙirga taku daban, zana taswira daban. Na farko yawan motsinki kawai ya sani. Na biyu yana kunna GPS, yana rubuta inda kike da lokacin da kike wurin, tun daga farko har ƙarshe. Idan kin danna Start a ƙofar gida, kin dawo kin tsayar a ƙofar gida, zanen da zai fito bakinsa biyu a gidanku suke. Ki maimaita haka sau biyar a mako, kin rubuta wa duk mai gani cewa ga gidan, ga lokacin da kike fita ke kaɗai gari bai gama wayewa ba, ga layin da kike bi. Ba sai na yi wa mutumin Kaduna bayanin abin da hakan ke nufi ba. Ba kuma zargi ba ne kawai: a farkon 2018 an gano cewa taswirar da Strava, wata manhajar masu gudu da tattaki, ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke bi ta tona wuraren sansanonin soja, saboda sojojin suna gudu da ita a kunne.

Mafi sauƙin kariya ba a cikin waya take ba. Kada ki danna Start sai kin fito babban titi inda kowa ke wucewa, ki kuma tsayar kafin ki shigo layinku. Abin da ba a rubuta ba, ba mai iya gani. Takun da ke tsakani ba asara ba ne, mai ƙirga taku yana lissafa su.

Bayan haka, idan Strava ce, shiga Privacy Controls ki mayar da Activities zuwa Only You. A Map Visibility akwai damar ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta. Yana taimakawa, amma kada ki jingina da shi gaba ɗaya. Idan kullum zanenki yana katsewa a baki ɗaya na unguwa, mai haƙuri zai iya hasashen inda ya dosa, musamman a layin da gidajensa ba su da yawa. Kuma wannan ɓoyewar daga idon jama'a ce, kamfanin yana riƙe da cikakken zanen a rumbunsa. Rumbu kuwa ana fasa shi: a 2018 an sace bayanan asusu kusan miliyan 150 na wata manhajar kula da lafiyar jiki mai suna MyFitnessPal.

A izinin Location ki zaɓi Allow only while using the app, ban da na kowane lokaci. Akwai zaɓin ba da wuri na ƙiyasi, amma da shi taswirar ba za ta fito daidai ba, don haka ba mafita ba ce a gare ki.

Duk wannan kuma a banza ne idan kika ɗauki hoton taswirar kika ɗora a WhatsApp. Yawanci ta nan ake tona kai, da hannun mutum. Idan da ƙanwata ce ke, zan ce ki kunna taswirar sau ɗaya ki san tsawon hanyar, ki goge zanen, daga nan ki koma ƙirga taku kawai. Amma idan kina auna saurinki ne kina son ganin ci gaba, to ki yi da sharuɗɗan nan.

Manhajar ta nemi izinin lambobin wayata da kyamara.

Ta yi me da su? Danna Don't allow. Kafin ka sauke kowace, ka gangara ƙasa a Play Store ka karanta Data safety, ka ga abin da take tattarawa da wanda take ba wa. Masu manhajar ne da kansu ke cike wurin, saboda haka idan sun ce suna rabawa, yarda da su.

An ce akwai wadda ke biyan kuɗi idan ka yi tafiya.

Galibi maki ne, kai kuma ka biya da kallon talla da bayananka. Wadda ta nemi BVN ko NIN don takun ƙafa, gudu.

Na goge manhajar. Bayanaina sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba idan ka buɗe asusu. Gogewa daga waya ba ta taɓa abin da ke rumbunsu. Sake sauke ta, ka nemi Delete account, ka goge asusun, sannan ka cire ta. Idan ka rasa wurin, rubuta musu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin neman a share bayananka, kuma hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafi.

Maigida zai iya ganin takuna?

Idan da Gmail ɗinsa aka buɗe miki wayar da asusun manhajar, yana iya gani. Buɗe naki.