Soke kwantaragin intanet na gida da mayar da na'ura (Maraɗi)

Soke kwantaragin intanet na gida shi ne kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke tsakanin mai gida da kamfanin sadarwa, tare da rufe lissafi da mayar da na'urar da aka saka, idan ta kamfani ce. A Maraɗi ana kiran yarjejeniyar abonma, na'urar kuma boks, modam ko wifi. Yawancin rigimar da ke biyo baya daga tambaya guda take tasowa: na'urar sayenta aka yi, ko aro ce?

Tarihi

Intanet na gida ya fara shiga garuruwan Nijar ta layin tarho na waya, a hannun kamfanin gwamnati Sonitel, wanda aka kafa a 1997. An sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2001, gwamnati ta sake karɓe shi a 2012, sannan a 2016 aka haɗe shi da SahelCom aka samar da Niger Telecoms. A zamanin layin waya abonma takarda ce da ake sa wa hannu a ofis. Layin yana ɗauke da sunan mutum guda, takardar kuɗi tana fitowa kowane wata ko an yi amfani ko ba a yi ba, kuma ba a rufe layi sai da wasiƙa. Wannan tsari ne aka gada a layin fiba, zaren gilashin da ake jawowa har cikin ɗaki.

Kamfanonin salula sun zo da wata al'ada dabam. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya fara aiki a 2008, aka sayar da shi a 2019 ya zama Zamani, sai kuma Moov wanda ya gaji Telecel. Da su aka saba da biya kafin amfani: a sayi kati, a sa forfe, in ya ƙare intanet ya tsaya, ba bashi ba wasiƙa. Wajajen ƙarshen shekarun 2010 boks masu ɗaukar sim suka yawaita a gidaje da shaguna. Mutanen da suka tashi da wannan tsari sukan ɗauka duk abonma haka take, wato daina biya shi ne sokewa, kuma nan ne ake yin asara mai ban takaici idan kwantaragin na biyan wata-wata ne.

Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025. Wanda ya sayi kayansa, nasa ne, kuma ta manhaja ake tsayar da biya.

Mallakar na'ura

Boks da aka saya da rasi na mai shi ne, babu wanda zai nemi a mayar. Sau da yawa dai a kulle yake, ba ya karɓar sim ɗin wani kamfani, abin da ke rage masa daraja a wurin masu sayen kayan hannu.

Na'urar aro ko haya tana nan a matsayin dukiyar kamfani komai daɗewarta a gida. Kuɗin da aka biya ranar sakawa ba lallai ne kuɗin saye ba. Yana iya zama ladan jawo waya da aikin ma'aikata, wanda ba ya dawowa, ko kuma kosiyo, kuɗin ajiya da ake mayarwa idan kaya sun koma lafiya. Rasin ranar farko da kwantaragin ne kaɗai ke bambance su, shi ya sa adana su ya fi adana kwalin.

Yadda ake sokewa

Ana fara da karanta abu biyu a kwantaragin: mafi ƙarancin lokacin da aka ɗaure kai da shi, da wa'adin sanarwa. Wanda ya fita kafin cikar lokacin ana iya neman sa da kuɗin watannin da suka rage. Daga nan sai wasiƙa mai ɗauke da sunan da ke kan abonma, lambar abokin ciniki, unguwa, da ranar da ake son a yanke. Ana yin kofi biyu, a kai ofishin kamfanin da katin shaida, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a riƙe. Faɗa wa ma'aikacin da ya saka wayar, ko da ɗan unguwa ne, ba ya rufe lissafi.

Ana mayar da na'urar da cajarta ta asali, da wayoyi da eriya idan an zo da su. Caja ce aka fi tsayawa a kanta, domin a garin da wuta ke yawan ɗaukewa da dawowa da ƙarfi takan ƙone, a maye ta da ta kasuwa. A bayan na'ura akwai tambari mai lambobi, `S/N` da `MAC`, a boks mai sim kuma har da `IMEI` mai lamba 15. Waɗannan ne shaidar cewa wadda aka bayar ita aka mayar, don haka ana ɗaukar hotonsu a kuma tabbatar an rubuta su a takardar karɓa, tare da bayanin cewa an kunna na'urar a gaban mai ita ta kama. Kafin a cire ta a danna ɗan maɓallin `RESET` na kusan daƙiƙa 10 don a goge sunan wifi da lambar sirri. Zaren fiba ba a naɗe shi ko a yanke shi, kansa kawai ake zarewa a bar shi a bango, kuma ba a leƙa bakinsa da ido.

Misali

Adadin da ke nan na kwatanci ne. Malamin makaranta da ke haya a unguwar Ali Ɗan Sofo an canja masa wurin aiki zuwa Damagaram daga watan Oktoba. Yana biyan sefa 25,000 a wata, ya ajiye kosiyo 30,000, kwantaraginsa ya ce sanarwa kwana 30 ce, watan da aka shiga ana biyan sa cikakke, na'urar da ta ɓata kuma 60,000.

Idan ya kai wasiƙa kafin ƙarshen Agusta, lissafi zai rufe da ƙarshen Satumba, ya karɓi jika talatin ɗinsa. Idan ya kai ranar 25 ga Satumba, wa'adin ya shiga Oktoba, sai ya biya 25,000 na watan da ba ya gari. Idan kuwa ya zare na'urar ya bar ta a ɗaki ya tafi, bai waiwayi ofis ba sai ranar 20 ga Disamba, wa'adin zai kai shi Janairu, kuma ana iya bin sa wata huɗu, 100,000, idan kamfanin bai rufe lissafin da kansa ba. Yanke layi saboda rashin biya dakatarwa ce, ba sokewa ba. In sabon ɗan haya ya yi gaba da na'urar, an ƙara 60,000. Bayan an cire kosiyo, saura 130,000 a kansa.

Saɓani

Ana saɓani kan lalacewar da tsawa ko hauhawar wuta ta jawo: kamfani kan ɗora wa mai gida, mai gida kan ce ba laifinsa ba ne. Ƙorafin da ya gagara a ofis ana kai shi ga ARCEP, hukumar kula da sadarwa da gidan waya da aka kafa a 2018, tare da kofin wasiƙar mai hatimi da takardar karɓar na'ura.